Paragiya ta mayar da jarina a shekara ɗaya, amma injin niƙan ƙanwata ya wuce ni

Sani Aboabo: Salamu alaikum. A 2021 aka raba mana gado, ni da ƙanwata kowa ya zuba sidi 24,000 a sana'a. Ni na sayi paragiya, wato keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, don direba zai riƙa kawo 2,000 a wata, wata 12 uwar kuɗi ta dawo. Ita ta kafa injin niƙa a Sawaba, 1,200 a wata, sai wata 20. Har faɗa na yi mata. Shekarar farko na samu 24,000 cif. Ta biyu 15,000, kullum muna wajen makaniki. Ta uku 6,000, inji na hayaƙi, na sayar da ita 5,000. Nata injin har yau yana niƙa. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ma na ci bashi na sayi firiza, wata takwas na biya. In dai ba ka tsallake biyan wata ba, babu matsala.

Sani Aboabo: Hajiya, ba bashi ba ne, kuɗina ne.

Malam Idi Tafo: Sani, lissafinka daidai ne, inda ya tsaya ne matsalar. Raba jari da kuɗin wata yana gaya maka ranar da kuɗinka zai dawo, daga ranar kuma ya rufe ido. Haɗa naka duka: 50,000, riba 26,000, an rufe littafi. Ita 14,400 take samu a shekara. A shekara uku tana da 43,200, kana gabanta. A ta huɗu ta kai 57,600, ga injin a hannu. Da ka tambayi masu paragiya shekara nawa take yi kafin gyara ya fara cinye kuɗin, ka rubuta kowace shekara daban har da kuɗin sayarwa, da ka gani. Haka na yi kafin in sayi keken ɗinki na biyu.

Baba Alabar: Malam, ban yarda duka ba. A Disambar 2022 hauhawar farashi a nan Ghana ta haura kashi 54 cikin 100. Ni mai kayan gyara ne, kuɗin da ya dawo da wuri shi ya cece ni, na sake saro kaya kafin su tashi. Sidin shekara ta huɗu ba na yau ba ne.

Malam Idi Tafo: Gaskiyarka Baba, a rage wa kuɗin gaba daraja. Amma ragewa daban, ƙin ƙirgawa gaba ɗaya daban. Kuma mai niƙa ma tana ƙara farashin kwano.

Baba Alabar: Kuɗin wuta ma ƙaruwa yake. Sani, wancan 24,000 da ya dawo, me ka yi da shi? In ka juya shi, lissafin ya canja.

Sani Aboabo: Rabi ya tafi kuɗin haya, rabi ya koma cikin paragiyar.