Wane gwaji ne zai nuna wa ɗalibai zaren da ke jan kuromosom?

Malamar Bayoloji: Assalamu alaikum jama'a. Mako mai zuwa zan koyar da saitoskeleton, wato zaruruwan furotin da ke cikin ƙwayar halitta, kuma ba na son ya tsaya a zane kawai. Ɗalibai sun haddace cewa akwai maikirofilamen, da zaren tsakatsaki, da maikirotubul, amma ba su yarda a ransu cewa waɗannan zaruruwa na iya ɗaukar kuromosom daga nan zuwa can ba. Ku ba ni shawarar abin da zan nuna musu da ƙaramin maikiroskof.

Ɗan Aji Ɗaya: Malama, ki ɓare fatar albasa ki ɗora musu. Ai ana ganin ƙwayoyin jere kamar bulo, shi ne ƙashin da ke riƙe da siffarsu.

Tsohon Ma'aikacin Lab: Wa alaikumus salam. Ɗana, bangon ƙwaya ka gani, shi kuma a waje yake. Saitoskeleton a ciki yake, kuma maikiroskof na haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. Maikirotubul kaurinsa 25 ne, zaren tsakatsaki kusan 10, maikirofilamen kusan 7. Don haka Malama, kada ki nemi zaren kansa. Ki lalata shi, su ga abin da ya tsaya.

Ki ɗora albasa biyu a bakin kofin ruwa har saiwa ta kai santimita biyu. Saiwar ɗaya ki bar ta a ruwa, ta ɗayar ki tsoma a ruwan kolcisin mai ƙarfin kashi 0.05 cikin ɗari na awa uku zuwa huɗu. Ki yanke milimita biyu na ƙarshen saiwar, ki tausasa shi a asid na HCl mai ɗumi kamar minti biyar, ki wanke, ki rina da asito-osin, ki danne da gilashin rufi. A ta farkon za ki ga wasu ƙwayoyin da kuromosom a jere a tsakiya, wasu sun rabu gida biyu suna tafiya. A ta kolcisin za su gajarce, su warwatsu, har ki iya ƙirga 16, amma da wuya ki sami anafes, wato matakin rabuwarsu gida biyu, ko ɗaya. Kolcisin yana manne wa tubulin ne ya hana shi haɗuwa ya zama maikirotubul. Guba ne, ki haɗa shi da kanki da safar hannu.

Mai Karatun Jinya: To Baba, ni na ɗauka aktin ne ke jan su, tunda shi ne a tsoka.

Ɗalibar Likitanci: Aktin yana da aiki a rabuwa, sai dai a ƙarshe yake zuwa. A ƙwayar dabba shi da mayosin ne ke yin zobe su shaƙe tsakiya har ta rabu biyu. Idan aka hana aktin aiki da saitokalasin, kuromosom suna rabuwa lafiya lau, sai a sami ƙwaya ɗaya mai cibiya biyu. Albasa ma ba ta yin zoben, sabon bango take ginawa a tsakiya.

Malamin Makarantar Kwana: Na gwada wannan bara, ban ga komai ba sai dogayen ƙwayoyi da dunƙulen rini. Na zaci maganin ne ya lalace.

Tsohon Ma'aikacin Lab: Malam, dogayen ƙwayoyi alama ce ka yanko sama da yawa, inda rabuwa ta ƙare. Masu rabuwa ƙanana ne masu kusurwa huɗu. Dunƙulewa kuma asid bai ratsa ba, ko ka murza gilashin gefe maimakon ka danne shi tsaye.

Malamar Bayoloji: Na gode Baba. Zaren tsakatsaki fa? Kullum shi ake tsallakewa.

Ɗalibar Likitanci: Shi ba ya jan komai, juriya ce aikinsa. Ki ba su misalin masu ciwon fata na gado da keratin 5 ko 14 ɗinsu ya sami matsala, gogayya kaɗan sai fata ta yi bororo. Kuma lamin da ke shimfiɗe a cikin bangon cibiya sai ya wargaje kafin maikirotubul ya kai ga kuromosom a ƙwayar dabba.

Mai Karatun Jinya: Abin da ya ɗaure min kai, idan maikirotubul gajarcewa yake yi daga bakin da ya riƙe kainetoko, wato mariƙinsa a jikin kuromosom, ta yaya kuromosom ba ya suɓucewa?

Tsohon Ma'aikacin Lab: Riƙon ba na ƙugiya ɗaya ba ne. Furotin da yawa ne ke kamawa suna saki, suna bin bakin yayin da yake rushewa, wajen maikiromita ɗaya a minti. Nawa ne daga ƙarfin rushewar, nawa daga furotin masu tafiya irin su dainin, wannan ya bambanta daga halitta zuwa halitta, masana na kan bincike.

Malamin Makarantar Kwana: Baba, in babu asito-osin, shuɗin toluwidin zai yi? Shi kaɗai ya rage mana.