Jari kashi huɗu, amma duk man fetur ne?

Alhaji Sabo, Jidda: 'Yan uwa, ni kam na huta. Riyal dubu 100 na kasa huɗu: dubu 30 a kamfanin man Saudiyya Aramco, 25 a kamfanin sinadarai na SABIC, 25 a bankin Al Rajhi, 20 a kasuwar hannun jarin Najeriya. Fanni daban-daban, ƙasa biyu. Wa zai ce ban raba haɗari ba?

Malam Habu, Riyad: Ni zan ce, Alhaji. Sunaye huɗu ne, amma rijiya ɗaya suke sha. Tun 2020 Aramco ce ke da kashi 70 cikin ɗari na SABIC, to dubu 55 ɗinka gida ɗaya suka shiga. Ga yadda ake gwadawa: ka ɗauki musiba guda, ka duba kashi nawa za ta taɓa. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 100, a Janairun 2016 ta koma ƙasa da 30. Gwamnatin Saudiyya ta rage kashe kuɗi, 'yan kwangila suka yi ta jiran biya, kasuwar hannun jarin ƙasar, Tadawul, ta zube har da bankuna. Banki ba ya haƙo mai, amma masu cin bashinsa da kuɗin mai suke biya.

Hajiya Balki, Makka: Malam, ai shi ya sa ya kai wani Najeriya. Ƙasa daban, kuɗi daban.

Malam Habu: Kuɗi daban kam gaskiyarki, Hajiya, don riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, naira kuwa ba haka ba. Sai dai Najeriya ma da mai take samun yawancin dalarta. Wannan faɗuwar ce ta kai ga karya naira a Yunin 2016. Ko hannun jarinsa na Legas bai motsa ba, in ya mayar da shi riyal ya ragu.

Isiya direba: Ni a banki biyu nake ajiya, in katin ɗaya ya ƙi sai in ciri na ɗayan.

Hajiya Balki: Ba shi ake nufi ba, ƙanena.

Malam Habu: Abin da ya fi damuna ma albashinka ne, Alhaji. A kamfanin gine-gine kake, iƙamarka na hannunsu. Ran da mai ya faɗi, aiki da jari tare za su girgiza, lokacin da ka fi bukatar sayarwa. Da ni ne, zan fitar da dubu 30 ko 40 zuwa abin da arhar mai ba ta cutarwa: kamfanonin magani ko abinci a ƙasashen da ke sayen mai, da ɗan zinare.

Alhaji Sabo: To a Maris 2020 fa? Daga Amurka har Indiya babu kasuwar da ba ta faɗi ba.

Malam Habu: Haka ne, ranar firgici kowa sayarwa yake. Bambancin sai an ɗau watanni yake fitowa.

Alhaji Sabo: SABIC zan rage. Aramco kuwa, ribar da take rabawa duk wata uku ba zan bar ta don kamfanin da ban san ƙofarsa ba.