Takardar obin ta Turanci, mai karantawa kuma sai Larabci

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Gwaggona ta dawo Kano daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙin 2023. Hausa a bakinta tangaran, amma karatu sai na Larabci. Na saya mata ƙaramin obin na gwanjo, takardarsa da Turanci take. Na ɗauki hoto, manhajar waya ta juya min shi zuwa Larabci, sai na ga mataki na 6 ya biyo bayan na 1. Wanda ya taɓa irin wannan aikin ya taimaka.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shafin nan ya rabu gida biyu ne, hagu da dama, shi ya sa. Wayar ta karanta layi a miƙe, ta tsallaka daga wannan gida zuwa wancan. Ya same ni da takardar injin wanki. Ki ɗauki hoton kowane gida shi kaɗai, ki shimfiɗe takardar sosai. A tawa, kalmar NOT ta faɗa daidai kan lanƙwasa, fassarar ta fito tana umartar mutum ya yi abin da aka hana. Tun daga ranar nake fara kwafe Turancin da hannu, in ƙirga matakai da gargaɗi. Idan asali na da mataki 9 da gargaɗi 5, Larabcin ma dole su cika haka, kada a haɗe matakai biyu, domin can gaba za a ce a koma mataki na 4, a tarar ya zama wani abu dabam.

Gargaɗin kuma hawa-hawa ne. DANGER shi ne خطر, WARNING shi ne تحذير, CAUTION kuma ni تنبيه nake sa masa. Na farkon yana nufin mutuwa ko mummunan rauni tabbas in an saɓa, na ƙarshen ƙaramin rauni. Wayar tawa ta taɓa mayar da biyu daga ciki kalma ɗaya. Ki tsayar da kalma guda ga kowanne har ƙarshen takarda, kuma gargaɗi ya zauna a saman matakinsa yadda yake a asali.

Abu Fatima: Ni shawarata ki mayar da duk lambobi zuwa na Larabawa, da su ta saba. Haka na yi wa mahaifiyata a Jidda, ta ji daɗi.

Malam Sani: Ɗan uwa, a rubutu zalla babu laifi. Amma ٥ biyar ce, ga ta kamar sifili, ٦ shida ce, ga ta kamar bakwai. Abin murɗawar obin an rubuta 350 a jikinsa. In takarda ta ce ٣٥٠, sai ta riƙa fassarawa a kanta ga hannu a kullu.

Abu Fatima: Tsohuwar da ta shekara sittin da nata lambobin ba za ta rikice ba, Malam. Namu ne za su ba ta wahala.

Anti Bilki: Hajiya, duba min, kusa da 350 ɗin, harafin ma'aunin zafin F ne ko C? In F ne, wajen 177 ke nan a ma'aunin C. Ƙanwata ta samu fassarar da ta ce "daraja 350" kawai, harafin ya ɓace. Ni yadda na yi, na bar 350°F kamar yadda yake a jikin obin, na rubuta 177°C a gefensa, ko'ina haka. Inci 4 na tazara daga bango kuwa na mayar da shi santimita 10, tunda babu maɓallin da za ta nema. Sunan maɓalli irin BAKE na bar shi da harafinsa, na yi bayani da Larabci. Sannan minti 10-15, da na tura a waya cikin jimlar Larabci, a wata wayar ya fito 15-10. Yanzu من 10 إلى 15 nake rubutawa.

Ɗan Sabon Gari: Ai ba sai an fassara ba, a nuna mata sau ɗaya. Amma obin mai F yawanci daga Amurka yake, duba bayansa. In an rubuta 120V, wutarmu 230 ce, ba zai ɗauka ba sai da taransifoma mai ƙarfi.

Maman Hanifa: Na duba, 120V ne, F ne kuma. Allah ya sa ba mu jona ba, na gode ƙwarai. Nunawa sau ɗaya ba zai wadatar ba, ita kaɗai ke wuni a gida. Gargaɗin wutar nan zan sa a saman shafi ƙarƙashin خطر ko da yake ba a wurin yake a asali ba. Malam, hakan ya halatta?

Malam Sani: Sa shi, amma a akwati dabam, ki rubuta cewa ƙari ne daga gare ki, kada ya shiga lissafin matakai. Lambobin kuma a gwada ta da duka biyun gobe, ki gaya mana wanda ta fi saurin ganewa.