Neman shawara: banki sun dawo mani da takardun rancen gidan burodi

Mai Burodi, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da gidan burodi nan cikin Katsina, shekara bakwai ke nan. Na gaje shi ne daga yayana da ya koma Funtua, lokacin ma tanda ɗaya ce ta itace, mun sha wahala ƙwarai kafin mu samu masu shayi da 'yan shaguna su yarda da mu. Yanzu oda ta fi ƙarfinmu, kullum sai mun ba wasu haƙuri. Na nemi rancen naira miliyan 12 don sabon obin da injin kwaɓi da janareto, kuɗin ruwa kashi 30 a shekara, biya cikin wata 24. Cinikinmu miliyan 9 a wata, riba kamar miliyan 1 da dubu 100. Na sa gidan da nake ciki jingina, kuma ko yau aka sa shi kasuwa zai yi miliyan 20. Jami'in ya dawo mani da fayil, wai DSCR ɗina, wato ma'aunin ƙarfin biyan bashi, bai kai ba, takardar gidan kuma ba ta isa ba. Mai sayar da obin ya ba ni zuwa ƙarshen wata kafin farashi ya tashi. Wallahi ko barci ba na yi. Me zan gyara?

Baban Khalifa:

Wa'alaikumus salam. Malam, kafin a ce komai akwai abu huɗu da ba ka faɗa ba. Kuɗin cefane da makarantar yara, ka cire su kafin ka kai ga wannan ribar ko daga cikinta kake ɗauka? Akwai wani bashi a kanka? Nawa ke shiga asusun kasuwancin a wata? Sannan wace takarda ke hannunka ta gidan, kuma sunan wa ke kai?

Mai Burodi, Ƙofar Marusa:

Daga ciki nake ɗauka, kamar dubu 350 a wata. Bashi ba wani abu ba ne, ragowar kuɗin Keke Napep ne ta kai burodi, dubu 100 a wata, saura wata takwas. Asusu kuwa yawanci hannu da hannu muke ciniki, wasu kuma suna turawa asusun yarona. Abin da ke shiga nawa bai wuce miliyan 3 da rabi ba. Takardar gida ta ciniki ce, da sa hannun mai unguwa da shaidu, sunan marigayi mahaifinmu.

Baban Khalifa:

To jami'in bai zalunce ka ba. DSCR tambaya ɗaya yake amsawa, wato kuɗin da ke saura a hannunka bayan an biya komai ya ninka abin da za ka riƙa biyan bashi sau nawa. Miliyan 12 a kan kashi 30, idan ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage na bashin, biyanka na wata kusan dubu 671 ne. Buga wannan a Excel ka gani da idonka:

```
=PMT(30%/12,24,-12000000)
```

Daga miliyan 1 da dubu 100 cire dubu 350 na gida, saura dubu 750. Abin da za ka riƙa biya kuma ba 671 kaɗai ba ne, sai an ɗora 100 na keke, ya zama 771. Raba 750 da 771, ka samu 0.97. Duk abin da ya gaza 1 yana nufin kasuwar ba ta iya ɗaukar bashin, sai ka taɓa jarin fulawa. Bankuna da yawa suna neman 1.25, wasu ma sai 1.5. Bashin keken da kake rainawa shi ya kai ka ƙasa da 1, kuma kada ka yi tunanin ɓoye shi. In daga banki ko maikurofainans ka karɓa, da BVN ɗinka za su gan shi a rahoton hukumomin tattara bayanan bashi irin su CRC da FirstCentral.

Hanya biyu ce ta ɗaga lissafin. Ka nemi wata 36, biyan wata ya sauko kusan dubu 509, ka samu 1.23 yanzu, 1.47 idan keke ya ƙare. Sai dai jimillar ruwan za ta tashi daga kusan miliyan 4.1 zuwa miliyan 6.3. Ko kuma ka rage bashin zuwa miliyan 9 a wata 36, biyan wata dubu 382, ka samu 1.56 har da keken. Ni wannan ta biyun zan zaɓa maka.

Maman Hanifa:

Ni dai shawarata ka bar zancen banki. Mijin ƙanwata ya tsaya wa abokinsa garanto, abokin ya gudu Nijar, shekara biyu ana cirar kuɗi daga albashinsa, har yau ba su gama farfaɗowa ba. Kuma wa zai sa gidan da 'ya'yansa ke kwana jingina? Ku shiga adashe mai ƙarfi kawai.

Ɗan Daura:

Ni abin da ya ɗaure mani kai, duk an wuce maganar kuɗin ruwa kamar ba komai. Ga Jaiz nan, ga Taj. Kaya kake son saye, ba kuɗi ba, su sayo obin su sayar maka da ribar da aka sani tun farko, murabaha ke nan. Can ba ruwansu da wannan lissafin na DSCR.

Baban Khalifa:

Ɗan Daura, rabin maganarka daidai ne. Murabaha ta dace da sayen injina, kuma farashi ba ya canzawa da zarar an sa hannu, alhali takardar bankunan ruwa kusan duka tana ba su damar ƙara ruwan in kasuwar kuɗi ta motsa. Amma su ma sai sun auna ko zai iya biya, su ma suna neman jingina da sitatimen. Da 0.97 ko can ya je dawo da shi za a yi.

Mai Burodi, Ƙofar Marusa:

Na gode Yallaɓai, amma kun manta da sabon obin. Zai ninka abin da muke gasawa, ribar za ta kai miliyan 2. Ai da ita zan biya, ba da ta yanzu ba. Kuma miliyan 9 ba ta isa, janareto kaɗai miliyan 3 ne, ga halin wutarmu.

Baban Khalifa:

Ban manta ba. Mai tantance bashi da abin da ya gani a takarda yake fara aiki, hasashe sai ya rage masa kaso mai yawa kafin ya karɓa. Matsalarka babba ma ita ce sitatimen. Ka ce miliyan 9, asusu ya nuna miliyan 3 da rabi, to a wurin banki cinikinka miliyan 3 da rabi ne. Za su nemi sitatimen na wata shida zuwa goma sha biyu. Daga gobe kowane ciniki ya shiga asusun da ke da sunan kasuwancin kamar yadda yake a rajistar CAC, na hannu a kai banki kullum da safe, dilan fulawa da sukari a biya su ta tiransifa. Kada wani ya ba ka shawarar aro kuɗi ka zuba ka cire don asusu ya kumbura. Kuɗi dunƙule ya shigo yau ya fita gobe, sun san wannan sarai, kuma daga nan ba za su ƙara yarda da komai a fayil ɗin ba.

A tsarin da za ka rubuta, yi jadawali na wata-wata har wata goma sha biyu: ciniki, fulawa, sukari, bota, yis, leda, man janareto, albashi, haraji, kuɗin gida, sannan biyan bashi a ƙasa. Sa watannin da ciniki ke ja baya yadda suke, kada ka ninka watan sanyi sau goma sha biyu. Sabuwar odar da kake magana, kawo littafin da ke nuna shagunan da kake mayarwa hannu wofi da adadin da suke nema. Wata uku na farko kada ka rubuta ƙarin ko kwabo, domin sai an kawo obin, an kafa, yara sun saba da zafinsa. A nan ne za ka nemi a ɗaga maka biyan uwar kuɗi na wata uku, amma ka sani ruwa na tafiya, dubu 300 kowane wata a kan miliyan 12.

Sannan ka gwada lissafin da mummunan hali kafin su gwada maka. Da irin cinikinka buhun fulawa uku kake kwaɓawa a rana, 90 a wata. Buhu ya ƙaru da dubu 3 ba ka ƙara kuɗin burodi ba, dubu 270 sun tafi, saura 480. Ko keke ya ƙare, a kan 509 ka faɗo 0.94, a kan 382 kana 1.26. Dalilin da na ce miliyan 9 ke nan.

Sani Walda:

Alhaji in obin ne matsalar, ana ƙera na gida mai kyau a Kano da rabin wannan kuɗin. Na waje in ya lalace kayan gyara sai Legas.

Hajiya Lauya:

Bari in taɓa gidan. Takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki, amma banki ba ya iya yin jingina ta doka da ita. Ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, ana buƙatar takardar shaidar mallaka ta gwamnati da amincewar gwamna kafin jinginar ta tabbata, sannan a biya kuɗin hatimi da na rajista, duk daga aljihunka. Wata ɗaya ba ya isa ga wannan. Abin da ya fi damuna shi ne sunan marigayi. An raba gado? In ba a raba ba gidan ba naka kaɗai ba ne, ko kai ke ciki. Sai an raba a kotu, an ba ka takarda, kafin a fara neman mallaka da sunanka. Kuma miliyan 20 farashin dillali ne. Banki zai turo mai kimanta kadara nasa, ya fitar da farashin sayarwar gaggawa, wanda kan tsaya wajen kashi biyu bisa uku, wato miliyan 13 zuwa 14. In suna son jingina ta kai kashi 150 na bashin, miliyan 18 suke nema, gidan bai kai ba ko da takarda.

Ɗan Daura:

Ai tun dokar 2017 ana jingina da kayan aiki, akwai rajistar jingina ta ƙasa da Babban Banki ke kula da ita. Ya sa obin ɗin kansa, dole su karɓa.

Hajiya Lauya:

Dokar ta ba su dama ne, ba ta tilasta masu ba. Amma tambaya ce mai kyau ya yi wa jami'in: in ya zuba kashi 20 ko 30 na kuɗin kayan daga aljihunsa, banki ya biya mai kaya kai tsaye, a yi wa injinan inshora da rajista, za su bar maganar gidan? Wasu na yarda idan an ƙara garanto.

Baban Khalifa:

Ya kuma tambaya a rubuce ko kashi 30 ɗin a kan ragowar bashi ne ko a kan uwar kuɗin gaba ɗaya. In na biyun ne, biyan wata dubu 800 ne a wata 24, ba 671 ba.

Mai Burodi, Ƙofar Marusa:

Hajiya, gado ba a raba ba, amma 'yan'uwana ba su da matsala, yayana ya ce in yi duk abin da na ga dama da gidan. Maganar jira wata shida kuma ba za ta yiwu ba, na riga na ba mai obin kafin alƙalami miliyan 1. Akwai wanda ya san bankin da ke karɓar takardar mai unguwa?

Maman Hanifa:

Yayanka ya ce. Ƙannenka mata fa, an tambaye su?