Neman kalma: me za mu kira zaman "kalibireshan" na manajoji?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina da aikin da zan miƙa ranar Alhamis. Kamfanin da nake yi wa fassara a nan Kumasi na rarraba kayan masarufi ne, kuma yawancin direbobinsa da masu tsaron sito sun fi jin Hausa da Tuwi a kan Turanci. An ba ni takardar da ke bayanin yadda ake auna aikin ma'aikaci a ƙarshen shekara, zan mayar da ita Hausa in karanta a ɗauki murya. Komai ya tafi daidai sai wuri ɗaya. Bayan kowane manaja ya ba yaransa maki daga 1 zuwa 5, manajojin kan zauna su kwatanta makin da suka bayar, don kada 4 na wannan sashe ya zama 3 a wancan. Turawa na ce wa zaman kalibireshan. Na rubuta "taron tantance maki" amma raina bai kwanta ba. A taimaka.

Baba Mai Sikeli:
Wa alaikumus salam ɗana. Ai wannan saiti ne. Mu masu awon hatsi, ma'aikatan hukumar ma'auni ta ƙasa kan zo da duwatsun awo na ƙarfe, su ɗora mai kilo 10 a kan sikeli, in allura ta nuna 10 da rabi sai a gyara a manna takarda. Ka ce "saita sikeli" ka huta.

Ɗan Aboabo:
Na gode Baba. Sai dai a nan babu sikeli, mutane ne ke ba mutane maki. In na ce saita sikeli, masu sito za su zaci nasu na auna buhu ake nufi.

Hajiya ta Nima:
Ɗan'uwa, kada ka yar da maganar Baba, don ya taɓo asalin kalmar. Na yi shekaru a sashen kula da ma'aikata a Akara, na jagoranci irin wannan zama ba sau ɗaya ba. Abin da ake gyarawa a ɗakin hannun manaja ne. Shi ne sikelin. "Tantance" ba ta yi ba, domin in ma'aikaci ya ji ta zai ɗauka shi za a sake bincika, ko za a ware wasu a sallama.

Bari in ba ka misalin da na gani da idona. A fom ɗinmu 3 na nufin mutum ya cika abin da aka ɗora masa, 4 ya wuce a wasu wurare, 5 ya wuce a ko'ina. Manajoji biyu, kowanne da mutum goma. Na farko mai sakin hannu ne, ya ba bakwai maki 5. Na biyu mai tsauri ne, babu 5 ko ɗaya a takardarsa, takwas duk 3. Sai muka ɗauko akawun sito ɗaya daga kowane ɓangare, aikinsu iri ɗaya, sharaɗinsu ɗaya: in an ƙidaya kaya a ƙarshen wata, kada giɓi ya wuce katan ɗaya cikin ɗari. Mai 5 ɗin nan, da aka buɗe littafin ƙidaya, giɓinsa katan ɗaya ne cif. Ya cika sharaɗi, bai wuce ba. Da muka tambayi manajansa hujja, sai ya ce yaro ne mai ladabi, ba ya makara. Ita kuwa mai 3, giɓinta rabin haka ne duk shekara, kuma ita ta koya wa sababbi biyu aiki. Manajanta ya ce shi a wurinsa 4 sai wanda ya yi abin mamaki.

Kuma kuɗi ne a tsakani. Albashinsu sidi 2,000 ne a lokacin. Mai 3 bonas ɗinsa rabin wata, mai 4 wata guda, mai 5 wata da rabi. Da an bar takardun yadda suka zo, wanda bai kai ta aiki ba zai tafi gida da 3,000, ita da 1,000. A zaman aka mayar da shi 3, ita aka ɗaga ta zuwa 4, aka rubuta dalili a gefen kowane suna. Sannan aka ce wa manajojin biyu kowa ya koma ya sake duba sauran yaransa tara da wannan awon. Wannan mataki na ƙarshe shi ne amfanin zaman, shi ya sa nake ba da shawarar "zaman daidaita ma'auni".

Ticha Sawaba:
Ni "daidaita maki" ta fi mini sauƙi a baki. Mu malamai mun san abin. Kafin a fara duba takardun jarrabawar WAEC ana tara masu dubawa, a ba kowa kwafin amsa ɗaya ya sa maki, sai a kwatanta da na shugaba har hannu ya zo ɗaya. A ƙarshe kuma ka san kashi nawa za su ci, kashi nawa za su faɗi.

Hajiya ta Nima:
Ticha, rabin farko daidai ne, misalin ma ya yi kyau. Amma maganar kashi wani abu ne dabam, kuma nan mutane ke ruɗewa. Akwai tsarin da ake tilasta wa manaja ya raba yaransa kaso-kaso. Kamfanin General Electric a zamanin shugabansa Jack Welch ya yi suna da shi: 20 cikin ɗari a sama, 70 a tsakiya, 10 a ƙasa. Microsoft ma ta yi irinsa har ta daina a 2013. A wannan tsarin ko mutum goman nan duk haziƙai ne, dole a samo wanda za a jefa ƙasa. Zaman da muke magana a kai yana iya ƙarewa da biyar masu 5 a sashe ɗaya in hujja ta nuna haka. Tsorona da "daidaita maki" shi ne direba zai ji kamar za a yanke wa wani a ƙara wa wani har kowa ya zo kai ɗaya.

Malam Mai Nahawu:
Ku yi haƙuri, ina da gyara. Ma'auni ma ai ba a nan ya kamata a tsaya ba. Hausa tana da nata hoton: mudu. Na daɗe ina cewa a kira abin "haɗa mudu". Masu awo biyu, mudun ɗaya ya lotsa, na ɗaya an bubbuge gindinsa ya faɗaɗa, sarkin kasuwa ya haɗa su ya gwada. Gajeriya ce, tamu ce. Kuma in faɗi gaskiya, abin da ke damuna da fassarar da ake yi a nan shi ne ba a komawa tushe. Kullum sai "mitin", sai "bonas", sai "fom". Wanda ya zauna Kano ko Sakkwato ba zai saki harshe haka ba.

'Yar Asawase:
Malam, da girmanka, amma wannan magana ta taɓa mu. Kakanninmu sun zo fataucin goro tun kafin Bature ya shata iyaka, Hausa kuma ba ta mutu a bakinmu ba. Hausar zango Hausa ce. Kuma a kasuwar Asawase je ka ce mudu ka ga yara nawa za su gane. Olonka muke awo da ita. In tushe ake nema, tushen mai sauraro shi ne Kumasi. Su ma mutanen Kano "fom" suke cewa, na ji da kunnena.

Malam Mai Nahawu:
'Yata, ban ce Hausarku ba Hausa ba ce. Cewa na yi in ba mu ƙirƙiro namu ba, nan da shekara ashirin jikokinmu "kalibireshan" za su riƙa faɗi. Olonka kuwa ba za ta haye iyaka ba, ɗan Zinder ba zai san ta ba.

'Yar Asawase:
To ai ɗan Zinder ba ya cikin direbobin da za a karanta wa ranar Alhamis.

Direban Tamale:
Ni ban iya nahawu ba, amma abin ya faru da ni. Bara ogana ya kira ni ya ce ya ba ni 4, har na faɗa wa maiɗakina. Bayan mako biyu takarda ta fito 3. Na tambaya, ya ce "sama ne suka canza". Har yau ban san laifina ba. Ko me za ku kira shi, ku sa a cikin bayanin cewa mutum na da ikon jin dalili.

Hajiya ta Nima:
Allah ya ba ka haƙuri, ƙanena. An yi maka kuskure biyu. Makin da manaja ya rubuta kafin zaman na wucin gadi ne, bai kamata ya faɗa maka ba sai an tashi. Na biyu, yana cikin ɗakin aka canza, don haka shi zai zauna da kai ya ce ga abin da 4 ke buƙata, ga inda ba ka kai ba. Manajan da ya ce "sama ne" ya gudu daga aikinsa.

Kuma ba zan ɓoye ba, zaman kansa yana lalacewa. Na ga inda manaja mai baki ke kare yaransa, mai kunya ya yi shiru nasa su sauka. Na ga ana ciniki, ka bar mini wannan in bar maka wancan. Alamar da nake ganewa da ita guda ce: in aka yi minti biyar ana magana a kan mutum ba a buɗe littafin ƙidaya ko rajistar tafiye-tafiye ba, sai "ina jin" da "ina ganin", to an bar awo an koma son rai. Haka in wanda ke yanke hukunci bai taɓa ganin aikin mutumin ba, sai labarin kuskure ɗaya da ya yi watan jiya.

Ɗan Aboabo:
Hajiya, wannan zan roƙi su ƙara a takardar, don babu shi. Ga abin da na rubuta yanzu, ku duba:

"Bayan manajanka ya sa maki na farko, manajoji za su yi zaman daidaita ma'auni. A nan za su kwatanta hujjojinsu domin ma'aunin kowane sashe ya zama ɗaya. Makinka na iya hawa, yana iya sauka, yana iya tsayawa. Ba za a sanar da kai ba sai bayan zaman, kuma manajanka ne zai faɗa maka dalili."

Malam, a muryar da zan ɗauka zan ƙara da cewa kamar a haɗa mudu biyu ne, ko olonka biyu, a ga ko cikinsu ɗaya.

Malam Mai Nahawu:
Ta yi tsawo, kalma uku inda biyu za su isa. Amma ba ta karya nahawu ba, kuma ta fi tantancewa. Sa ta tunda lokaci ya ƙure. Ni dai a ajina "haɗa mudu" zan ci gaba da koyarwa.

Ticha Sawaba:
Ni har yanzu ina ganin ma'aikata da kansu "zaman maki" za su yanke shi kafin wata ya ƙare. Ɗan Aboabo, in an saurara ranar Alhamis ka dawo ka faɗa mana wacce direbobin suka kama.

Baba Mai Sikeli:
Kuma ka tambaye su wane ne ke riƙe da dutsen awon a ɗakin. Mu namu daga hukuma yake zuwa da hatimi. Nasu fa?

Hajiya ta Nima:
Rubutaccen bayanin 3 da 4 da 5 ɗin nan ne dutsen, Baba. Inda aka rubuta shi sama-sama, sai a wuni ana gardama. Ɗan Aboabo, turo mini wannan shafin in gani kafin ka fassara shi.