Abin da aka tattara kan ciwon nono kafin al'ada

Yan uwa ga taƙaicen hirar da muka yi da wata ungozoma nan Tahoua. Ta ce a lissafin al'ada mai zagayowa kwana 28, ranar farko ta jini estrojen da projesteron, wato sinadaran jikin mace masu tafiyar da al'ada, duk suna ƙasa, shi ya sa rufin cikin mahaifa ke zubowa. Daga nan estrojen ya kama hawa shi kaɗai har ya kai ƙololuwa dab da fitar ƙwai, wajen rana ta 14, lokacin ne za ki ga farin ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai.

To bayan ƙwai ya fita ne projesteron ke tashi, wurin da ƙwan ya bari a jakar ƙwai shi ke samar da shi, ya kai sama wajen rana ta 21, estrojen ma ya ɗan sake hawa, ruwan nan ya kafe, nono ya yi nauyi, ciki ya kumbura, zafin jiki na safe ya ƙaru kamar digiri 0,3 zuwa 0,5. In ba ciki, duka biyun su faɗi, jini ya zo.

Inda da yawa muke kuskure, 14 ɗin nan ba ta kowa ba ce fa. Baya ake ƙirgawa, kwana 14 kafin jini na gaba, mai kwana 35 ƙwanta wajen rana ta 21 yake fita, kenan ita gwajin projesteron a likita sai wajen rana ta 28, mako ɗaya bayan fitar ƙwai, lokacin da ya kai sama.