Rangwame biyu a inbois ɗaya, a kan wanne zan ɗora haraji?

Uwargida: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Kayan 200,000 zan ba wani ɗan sari, na masa ragin sari 15%, kuma na ce in ya biya cikin kwana 10 zan ƙara rage masa 2%. Harajinmu 10% ne. A kan nawa zan lissafa shi?

Ɗan Kasuwa: Wslm Hajiya. Ragi ai ragi ne, ki cire duka 17% ɗin ki buga haraji a kan sauran, shikenan.

Malam Akanta: A'a Alhaji, ba a haɗa su. Na sari tabbas ne, tun kafin kaya su fita an gama magana, don haka shi ake fara cirewa a jikin inbois. 30,000 ya fita, saura 170,000, to wannan ne farashin gaskiya kuma a kansa haraji zai hau, 17,000. Jimla 187,000.

Shi kuwa 2% ɗin alkawari ne mai sharaɗi, ranar da kike rubuta takardar ba ki san ko zai biya da wuri ba, ta yaya za ki cire abin da bai faru ba? Ki rubuta sharaɗin a ƙasa kawai. In ya cika, a kan 170,000 za ki lissafa ba 200,000 ba, wato 3,400, farashi ya koma 166,600, haraji 16,660, ya turo miki 183,260. Sai ki ba shi kiredit not, wato takardar rage kuɗin inbois, na 3,740, a ciki 340 haraji ne, shi ma ya rage 340 ɗin daga harajin da zai nema a mayar masa. In babu wannan takardar littafinki zai ci gaba da nuna 17,000, ke za ki cika gibin daga aljihu.

Ɗan Kasuwa: To ni na taɓa ji ana ɗorawa a kan ragaggen kuɗin tun farko ko an biya da wuri ko ba a biya ba.

Malam Akanta: Ba ƙarya ka ji ba, haka Birtaniya take yi da, sai a 2015 suka koma kan abin da aka biya zahiri. Kowace ƙasa da dokarta, shi ya sa Hajiya ki tambayi ofishin harajinku ko sun yarda a rage haraji bayan an fitar da inbois.

Maman Biyu: Ni wallahi nawa kwastoman sai bayan sati uku ya biya kuma ya cire 2% da kansa, na yi magana ya ce ai mun saba. Yanzu harajin cikakke zan biya ko ya?

Malam Akanta: In ba ki yafe ba bashi kike binsa, haraji cikakke. In kin yafe ki rubuta, kar ki bar shi a baki.

Uwargida: Na gode Malam. To in rabi ya biya cikin kwana 10 ɗin fa?